Kafin a Sayar da Fili Don Biza: Wa Ke da Ikon Cewa Takardarka Ta Yi?

A Maiduguri, idan malamin jinya ko injiniya ya ƙudurta neman aiki a ƙasar waje, ofishin fasfo yakan fara nufa. Daga nan sai neman ejan, sai bin tallace-tallacen aiki a waya, sai haɗa kuɗi, wani har ya sayar da fili, wata ta sayar da gwala-gwalanta na aure. Tambayar da ya kamata ta zo farko ita ake bari sai ƙarshe, lokacin da kuɗi sun riga sun fita daga hannu: shin hukumar da ke ba da lasisin wannan sana'a a can ta yarda da takardar nan, kuma a wane mataki za ta ajiye mai ita?

Asibitin da ya yi tallan aiki ba shi da ikon amsa wannan tambaya. Ejan ba shi da shi, ofishin jakadanci ma ba shi da shi. A yawancin ƙasashe akwai hukuma ta musamman da doka ta damƙa wa rajistar masu sana'ar, kamar yadda a Nijeriya Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wato NMCN, ke riƙe da rajistar malaman jinya, COREN kuma ke riƙe da ta injiniyoyi tun 1970. Duk wanda ya biya kuɗi kafin ya ji ta bakin takwarar wannan hukuma a ƙasar da yake nufi, cinikin biri a sama ya yi.

Abin da ke rikita mutane shi ne tambayoyi uku ne aka dunƙule ana yi musu kallon ɗaya. Ta farko, takardar ta gaskiya ce? Ta biyu, karatun da ke cikinta ya kai matakin nasu? Ta uku, ko da ya kai, an ba ka izinin taɓa mara lafiya ko sa hannu a zanen gini? Hatimin da ake zuwa Abuja a buga a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje tambaya ta farko kawai yake amsawa. Mutum zai dawo daga Abuja da takardu cike da hatimi yana ganin ya gama, alhali bai ma taɓa ta biyu da ta uku ba.

Takarda ɗaya, hukunci biyu

Mu ɗauki misalin malamar jinya irin wadda ake samu a kowane sashe na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Ta yi karatun jinya na shekara uku a makarantar jinya, ta ci jarrabawar NMCN, ta sami lasisinta. Ba ta yi digirin jinya na shekara biyar da jami'a ke bayarwa ba. Ta yi shekara uku tana aiki, biyu daga ciki a asibitin wata ƙungiyar agaji. Zuciyarta ta fi karkata ga Saudiyya, saboda addini da kusancin gida, amma ƙawayenta na ta yi mata zancen Birtaniya.

A Saudiyya, hukumar da ke kula da sana'o'in lafiya ita ce SCFHS, kuma ta shafinta mai suna Mumaris Plus ake neman rajista. Abin da wannan hukuma ke fara yi shi ne ajiye mutum a mataki bisa ga takardarsa. Mai digiri ana rubuta shi a matsayin Nurse Specialist, mai difloma kuma Nurse Technician. Karatun shekara uku na malamarmu a ɓangaren difloma yake faɗawa, komai ƙwarewarta a ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata. Wannan rabe-rabe shi ke yanke albashi, shi ke yanke irin jarrabawar da za ta zauna a cibiyar Prometric, shi ke yanke guraben da za ta iya nema tun farko. Idan tallan aiki ya ce mai digiri ake so, babu wata hanyar da ejan zai bi ya sauya abin da hukuma ta rubuta. Abin da yakan faru shi ne a yi wa mutum alkawarin albashin mataki na sama, ya isa can ya tarar da kwantiragin mataki na ƙasa, a lokacin kuwa bashin tafiya na wuyansa.

A Birtaniya lissafin daban ne. Hukumarsu, NMC, tana duba ko karatun da mutum ya yi ya ba shi cikakkiyar rajistar malamin jinya a ƙasar da ya yi shi. Da takardar shekara uku ɗin nan 'yan Nijeriya da yawa suka shiga rajistar Birtaniya a matsayin cikakkun malaman jinya. Sai dai ƙofar tana da matakala. Akwai jarrabawar Turanci: a IELTS ana neman maki 7 a karatu da sauraro da magana, da 6.5 a rubutu. A OET kuma B a ukun farko da C+ a rubutu. Cewa da Turanci aka koyar da mutum tun firamare ba ya ɗauke masa wannan, domin Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da hukumar ke ɗauka a matsayin masu Turanci a bakin yawancin jama'a. Sannan akwai jarrabawar kwamfuta, CBT, mai kashi biyu: lissafin magani tambaya 15, da aikin jinya tambaya 100. Daga ƙarshe akwai jarrabawar gwaji a aikace, OSCE, mai tasha 10, wadda sai a Birtaniya ake yin ta. Kuɗin da hukumar ta daɗe tana karɓa a wannan hanya sun kai fam 1,170: fam 140 na duba takardu, 83 na jarrabawar kwamfuta, 794 na gwajin aikace, da 153 na shiga rajista. Jarrabawar Turanci da kuɗin motar zuwa Kano ko Abuja ba sa ciki.

Ke nan takarda ɗaya ce a hannun mace ɗaya, amma Riyad ta ce mata teknishan, Landan ta ce mata cikakkiyar malamar jinya bayan jarrabawa uku. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta mutum ya sani kafin ya kashe ko sisi, domin shi ke nuna masa hanya. Idan Saudiyya take so da gaske, wataƙila abin da ya fi mata shi ne ta fara cike digirinta a gida, ko da zai ci mata wasu shekaru. Idan Birtaniya ce, kuɗinta na farko a jarrabawar Turanci ya kamata su tafi, domin a nan aka fi tuntuɓe, musamman a rubutu. Kuma sakamakon shekara biyu kawai yake yi ya mutu, don haka wanda ya ci shi ya zauna jiran wata takarda daga makarantarsa yana iya wayar gari ya ga sai ya sake biya.

Wanda ya yi karatun kiwon lafiyar al'umma, wato CHEW, ya san cewa rajistarsa a wata hukuma daban take, ba a NMCN ba. A karkarar Borno su ne ke riƙe da ɗakunan shan magani, jama'a kuma nas suke ce musu, amma hukumomin jinya na waje ba za su sa su a rajistar malaman jinya ba. Haka takardar ungozoma kaɗai ba ta buɗe rajistar jinya. A Birtaniya sashe ne daban mai jarrabawarsa daban.

Wa zai amsa wasiƙar?

Yanzu ga inda ɗan Maiduguri ya fi shan wahala fiye da ɗan Legas. Hukumomin waje ba sa gamsuwa da takardar da ka ɗora musu. Tushenta suke bi. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, kamfanin DataFlow ake ba wannan aiki: zai tuntuɓi makarantar da ta ba ka shaida, da hukumar da ta ba ka lasisi, da asibitin da ka ce ka yi wa aiki, kowanne ya tabbatar da bakinsa. Rahoton da zai fito yana iya cewa an tabbatar, ko an sami saɓani, ko an kasa tabbatarwa. Na ƙarshen nan shi ke kama mutanen kirki. Takardarsu ta gaskiya ce, amma wasiƙar ta faɗa akwatin imel da babu mai buɗewa, ko ta isa ofishin da ma'aikacinsa ya yi ritaya.

Shekara biyun da malamarmu ta yi da ƙungiyar agaji su ne mafi nauyi a ƙwarewarta, domin a nan ta ga yara masu tamowa da masu raunin harbi da masu kwalara. Su ne kuma mafi wuyar tabbatarwa. Ayyukan ƙungiyoyi na wa'adi ne, kuma bayan da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025 an rufe ayyuka da dama a arewa maso gabas. Idan ofishin Maiduguri ya tashi, wa zai ce ta taɓa aiki a can? Shi ya sa duk wanda ke aiki da ƙungiya ya kamata ya karɓi takardar shaidar aiki tun yana ciki, daga ofishin kula da ma'aikata, ba daga likitan da yake aiki a ƙarƙashinsa ba. Takardar ta faɗi muƙaminsa a fili, cewa malamin jinya ne mai kula da marasa lafiya, da ranar farawa da ranar gamawa, da adireshin babban ofishin ƙungiyar a Abuja wanda zai rayu bayan aikin ya ƙare. Muƙamai irin su jami'in abinci mai gina jiki ko mai sa ido kan aiki, ko da albashinsu ya fi, mai tantancewa yana iya ƙin lissafa su a aikin jinya. Ga shi kuwa a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda ya yi sama da shekara biyu ba ya aikin sana'arsa ana neman ya sake horo kafin a ba shi lasisi.

Sai kuma ambaliyar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Gwange da Kasuwar Monday da kewayen fadar Shehu, ya shiga har Asibitin Koyarwa. Gidaje da yawa sun rasa takardunsu a daren. Wanda shaidarsa ta jiƙe ko ta ɓata kada ya jira sai an nema. Rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwar kotu suna bayyana yadda aka yi ta ɓata, amma ba sa maye gurbinta. Abin da zai tsaya masa shi ne bayanan da ke ajiye a makarantarsa da kuma NMCN. Ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin rajistara, ya tabbatar fayil ɗinsa na nan, ya tambayi wane ne ke amsa wasiƙun tantancewa daga waje da kuma adireshin da ake amfani da shi. Ya nemi cikakken sakamakon karatunsa, wanda ake kira tiranskirif, ya duba ko an rubuta awannin aji da awannin aiki a asibiti na kowane fanni. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tunanin Jamus ko Ayilan, domin ma'aunin Tarayyar Turai na karatun jinya shekara uku ne masu ɗauke da aƙalla awa 4,600, kuma awa-awa ake kwatantawa. A Jamus, idan aka ga giɓi, sai a ba mutum zaɓi tsakanin jarrabawar cike giɓi da zaman horo, ga kuma Jamusanci a matakin B2.

Matsalar suna kuwa ta gidanmu ce. Yaro ya shiga firamare da Modu, ya rubuta jarrabawar sakandare da Mohammed, fasfonsa ya fito da Muhammad. Bukar a makaranta, Abubakar a katin ɗan ƙasa. Falmata a lasisi, Fatima a fasfo, bayan aure kuma sunan miji ya maye na uba. Wani sunan garinsu ya ɗauka a makaranta, Bama ko Biu ko Gwoza, daga baya ya ajiye shi. Mu a nan mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke kwatanta takardu a Dubai ko Landan mutum biyu yake gani, kuma saɓani zai rubuta. Ranar haihuwa ma haka, tunda da yawa da takardar rantsuwar shekaru suka tashi, wasu an rage musu shekara a wani wuri. Gyaran yana yiwuwa, ta takardar rantsuwa da sanarwa a jarida da neman hukumar da ta ba da takardar ta daidaita bayananta, amma yana cin watanni. A baje takardun duka a kan tabarma, a karanta suna da ranar haihuwa harafi-harafi, tun kafin a buɗe shafin kowace hukuma.

Ƙofar gida ma tana iya rufewa

Babu hukumar waje da za ta yi wa malamin jinya rajista sai NMCN ta tabbatar mata cewa lasisinsa na raye kuma babu wani laifi a kansa. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da sababbin sharuɗɗa: sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi na dindindin, sai ya kawo takardar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aikinsa da kuma makarantarsa, kuma aikin tantancewar zai ɗauki aƙalla wata shida. Malaman jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, Majalisar Wakilai ta sa baki, shafin tantancewar ya zauna a rufe har zuwa Satumbar shekarar. Rajistaran hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya kare matakin da cewa malaman jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Damuwarsa gaskiya ce, kuma wanda ya taɓa kwana da mara lafiya a asibitin gwamnati a Borno, ya ga nas ɗaya tana zagaya ɗaki guda cikin dare, ya san haka. Amma a watannin da aka rufe shafin, sakamakon Turancin mutane ya yi ta mutuwa a hannunsu. Don haka sharuɗɗan NMCN na ranar da kake nema suna cikin abin da za ka karanta da idonka, ba ka ji a bakin wanda ya tafi shekara uku da suka wuce ba.

Akwai kuma abin da ke tona asirin ejan nan take. Nijeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma Birtaniya ta hana asibitocinta da kamfanonin ɗaukar ma'aikata zuwa farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe. Mutum na iya neman aiki da kansa kai tsaye, wannan ba a hana ba. Amma duk wanda ya zo Maiduguri yana cewa shi wakilin asibitocin gwamnatin Birtaniya ne mai ɗibar nas-nas, maganarsa ta saɓa wa ƙa'idar ƙasar da yake ambata. Da yawa daga waɗanda aka kwasa ta irin wannan hanya da bizar masu kula da tsofaffi suka tafi, aikin da ba ya buƙatar rajistar jinya kuma ba ya ba da ita. Tun 11 ga Maris 2024 aka hana masu wannan biza tafiya da iyali, a watan Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje.

Wanda ya ce zai samo maka wanda zai zauna maka jarrabawa ya fi kowa cutar da kai. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, ta soke sakamakon duk mutum 1,955 da suka zauna a can. Waɗanda suka rubuta da hannunsu ma sai da suka sake.

Injiniya da tasa hanyar

Ga wanda ya fito daga tsangayar injiniyanci ta Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Fasaha ta Ramat, lamarin ya fi sauƙi ta wani gefe, ya fi duhu ta wani. Malamin jinya ba ya aiki ko kwana ɗaya babu lasisi a ko'ina. Injiniya kuwa ya danganta da ƙasa. A Birtaniya kamfani na iya ɗaukar sa ba tare da rajista ba, muƙamin CEng daraja ce da ake nema daga baya. A Kanada kowane lardi ke ba da lasisinsa, kuma doka ta hana wanda ba shi da shi kiran kansa injiniya mai lasisi ko sa hannu a zane. A Saudiyya sai da rajistar Majalisar Injiniyoyi ta ƙasar ake riƙe takardar zama da sunan injiniya, kuma tun 2018 ana neman ƙwarewar shekara biyar ga wanda za a ɗauko daga waje. Sabon wanda ya gama hidimar ƙasa, aka ce masa ga aikin injiniya a Jidda, ya tambaya wace sana'a za a rubuta a bizarsa, domin abin da aka rubuta shi ne matsayinsa a can.

A 2023 aka yi ta murnar cewa COREN ta shiga Yarjejeniyar Washington, wadda tun 1989 ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyancin juna a ƙarƙashinta. Abin da aka ba Nijeriya a shekarar matsayi ne na wucin gadi, kuma wannan matsayi ba ya wajabta wa kowace ƙasa karɓar digirin. Ko bayan ƙasa ta zama cikakkiyar mamba, amincewar ba ta hawa kan jami'a gaba ɗaya. Kwas-kwas ake bi, wanda hukumar ƙasar ta tantance, kuma yawanci daga shekarar zama cikakkiyar mamba zuwa gaba. Don haka abu uku injiniya zai duba: matsayin COREN a jerin mambobin yarjejeniyar a ranar da yake dubawa, ko kwas ɗinsa na da tantancewar COREN a shekarar da ya kammala, da kuma ko shekarar ta faɗa cikin waɗanda ake lissafawa. Yarjejeniyar ta masu digiri ce. Mai babbar difloma ba ya cikinta, kuma hukumomi da yawa a matakin masu fasaha suke ajiye shi.

Wanda digirinsa bai shiga yarjejeniyar ba hanyarsa ba ta toshe ba, tsawo ta ƙara. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Ostareliya, alal misali, tana neman ya rubuta rahoton CDR, inda zai ba da labarin ayyuka uku da ya yi da hannunsa, ya nuna matsalar da ya tarar, lissafin da ya yi da shawarar da ya yanke. Injiniyan da ya yi aikin rijiyoyin burtsatse masu amfani da hasken rana a sansanonin 'yan gudun hijira, ko sake gina makarantu a Bama da Konduga, yana da abin rubutawa fiye da yadda yake zato, in dai ya ajiye zane da lissafi da sunan wanda ya duba aikin. Ana bincika rahoton don gano kwafe, kuma wanda aka kama ya sayi rubutun wani ana dakatar da shi daga nema. Mai nufin Jamus kuma yana iya buɗe rumbun anabin kyauta daga wayarsa, ya nemi sunan jami'arsa ya ga ko an sa mata alamar H+, sannan ya nemi sunan digirinsa daban, domin amincewa da jami'a ba ta nufin an kwatanta kowane digiri da take bayarwa. Idan digirin bai fito a jerin ba, sai ya nemi takardar kwatance daga ofishin ZAB da ke Bon, ya sa kuɗinta da watannin jiranta cikin lissafinsa tun kafin ya aika wa kowane kamfani takardar neman aiki.